Nimoniyar da aka kwasa a gadon asibiti: amsoshin tambayoyinku kan sayen allurai

*"An kwantar da mahaifinmu saboda shanyewar ɓarin jiki. A kwana na shida zazzaɓi ya rufe shi, ga kaki mai kauri, numfashi sama-sama. Likita ya ce nimoniya ce, ya rubuta allurar fifarasilin-tazobaktam kwalba huɗu kullum. Bara ma ya yi nimoniya a gida, ƙwayar amoksisilin kawai ta warkar da shi. Anya ba so ake a tatse mu ba? Wallahi ko barci ba na iya yi." Daga wata 'yar'uwa a Zariya.*

Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Kwantar da hankalinki, a wannan karon ban ga alamar tatsa ba. Sunan ciwon ɗaya ne, amma masu haddasa shi sun bambanta, shi kuwa magani ƙwayar cuta yake bi, ba ruwansa da sunan ciwo.

Wadda ta kama shi bara, galibi ƙwayar da ake kira numokokus ce ko 'yan'uwanta da ke yawo cikin jama'a, kuma mafi yawansu har yanzu suna jin amoksisilin. Amma ƙa'idar likitoci ita ce, duk nimoniyar da ta ɓullo bayan awa 48 da kwanciya, ana ɗaukar ta a matsayin wadda aka kwasa a asibiti. Cikin 'yan kwanaki ƙwayoyin da ke zaune a baki da maƙogwaron majinyaci sukan sauya, na asibiti su maye gurbinsu: Kilebsiyela, Sudomonas, Asinetobakta, da wani nau'in Istafilokokus mai taurin kai. Ana samun su a bakin famfo, a jikin gado, a hannun duk wanda ya taɓa wannan ya taɓa wancan. Shi kuma mai shanyewar jiki haɗiyarsa ba ta tafiya daidai, yawu da kunu sukan kauce su gangara huhu ba tare da ya yi tarin da zai fitar da su ba. Ta nan suka shiga.

Ki duba fayil ɗinsa, ina kyautata zaton tun ranar da aka kwantar da shi an ɗora masa allurar seftiriyazon, don a wurarenmu sau da yawa ita ake fara yi wa majinyaci. Idan haka ne, lamarin ya ƙara fitowa fili. Kamar gona ce da aka yi wa feshi: ciyawar da ke jin magani ta mutu, wadda ba ta ji ta samu fili ta yaɗu. Ƙwayar da ta kama shi yana tsakiyar shan magani, ai ta riga ta nuna ba ta jin wannan maganin. Shi ya sa likitoci ke tambaya ko an yi wa majinyaci allurar antibayotik cikin kwana 90 da suka wuce, da kuma ko ya kai kwana biyar a kwance. Duk wanda ya faɗa cikin waɗannan, ba a fara masa da maganin nimoniyar gida.

Lissafin sayayyarki kuwa ga shi. Giram 4.5 duk awa shida, kwalba huɗu ke nan a yini, idan ƙodarsa lafiya lau take. Yawancin masu wannan ciwo kwana bakwai ke isar su, wato kwalba 28. Amma kada ki sayi 28 a tashi ɗaya. Sayi na kwana uku, kwalba 12, domin a kwana na biyu ko na uku sakamakon gwaji zai fito, kuma yana iya sa a sauya maganin. Ki tabbata an ɗebi kakinsa da jininsa an kai lab kafin allurar farko in zai yiwu, amma kada a jinkirta allurar don jiran sakamako. Ki kuma roƙi nas ta nuna miki yadda ake ɗaga kan gadonsa, kada a riƙa ɗura masa abinci yana kwance shame-shame.

*"Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce seftiriyazon ma babbar allura ce, kuma ta fi arha nesa ba kusa ba. In saya wa yayana da ke kan injin numfashi ita maimakon merofenem?" Daga Gusau.*

A'a, Malam. Mai kemis ɗinku ya taɓa ganin yayanka? Seftiriyazon ba ta taɓa Sudomonas ko kaɗan, kuma Kilebsiyela da yawa na asibiti suna fitar da wani sinadari da ke farfasa ta kafin ta yi aiki. Allura ba ta da babba da ƙarama, sai wadda ta dace da wadda ba ta dace ba. Idan kuɗin ne suka gagara, je ka faɗa wa likitan ƙarara, shi ya san abin da zai iya maye gurbinta a wannan sashen.

*"Ƙanwata tana sashen kulawa ta musamman, kwana takwas da sa mata bututu. An rubuta merofenem da bankomaisin. Wani a bakin get ya ce zai kawo mana merofenem a rabin kuɗin famasi, har da kwali da lamba. Mun sayar da abin da za mu iya sayarwa. Me za ki ce?" Daga Kano.*

Ɗan'uwa, na san irin wannan ƙunci, kuma ba zan ga laifinka don ka saurare shi ba. Amma kada ka saya. Bari in ɗan tsawaita a nan, don wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Fara da halin da ƙanwarka take ciki. Bututun numfashin da aka zura mata ya hana ta tari, ya bar ƙofar huhu a buɗe. Majina tana taruwa a saman 'yar balan-balan ɗin da ke riƙe bututun, tana tsiyaya ƙasa kaɗan-kaɗan, ƙwayoyin cuta kuma suna yin dafifi a cikin bututun kansa, inda magani ba ya kai musu sosai. Nimoniyar da ta zo ta wannan hanya ita ce mafi wuyar sha'ani, kuma idan maganin farko bai dace ba, kwana biyun da aka ɓata ba su dawowa. Shi ya sa aka haɗa mata biyu: merofenem don su Kilebsiyela da Sudomonas, bankomaisin don Istafilokokus ɗin nan da merofenem ba ta iya masa.

To yanzu ka ɗauka kwalbar da mutumin get ya kawo tana ɗauke da rabin abin da aka rubuta a jikinta, ko ta kwana ta wuni a but ɗin mota cikin zafin Afrilu. Farar hoda ce a kwalba, ba ni ba, ba likita ba, babu mai gane ta da ido. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane goma na magunguna a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi jabu ne ko marar inganci, kuma antibayotik na cikin waɗanda aka fi kawo ƙorafi a kansu. Ɓarawo ba zai ɓata lokacinsa kan abin da ba riba ba, allura mai tsada yake kwaikwaya. Kwali da lambar NAFDAC ba hujja ba ne su kaɗai, injin buga takarda ba ya jin kunya.

Ɓarnar ba ta tsaya ga asarar kuɗi ba. Bayan kwana uku zazzaɓi bai sauka ba, ana ta ƙara mata iskar oksijin. Likita ba zai ce jabu aka kawo ba, zai ce ƙwayar ta fi ƙarfin merofenem, sai ya haura zuwa kolistin ko amikasin, waɗanda ke iya taɓa ƙoda. Ka ga arha ta jawo magani mai illa, wataƙila har da wankin ƙoda, wanda kuɗinsa kowa ya sani.

Akwai kuma wata ɓarna da ta fi jabu yawa, wato sayen guntu-guntu. Merofenem giram ɗaya ce duk awa takwas, kwalba uku a yini, 21 a mako. Ba ta daɗewa a jini, kusan duk awa guda rabinta ke fita, kuma aikinta ya dogara ne ga kada jini ya daɗe babu ita. Sai ka ga an yi ta safe da ta rana, ta dare an tsallake don ba a kawo ba, ko a raba kwalba biyu a ajiye rabi zuwa gobe, alhali da zarar an dama ta awanni kaɗan take yi ta fara lalacewa. Wanda aka yi wa haka, a takarda yana kan merofenem, a jikinsa kuwa ana koya wa ƙwayar cuta yadda za ta jure mata ne. Sannan dangi su cika baranda da kuloli da katan-katan na lemo wa majinyacin da ko ruwa ba ya haɗiya! Ku tara wannan kuɗin wuri ɗaya, ku naɗa mutum ɗaya mai riƙe da lissafi, ya tabbata na gobe yana hannun nas tun yau. Ku saya a famasin asibiti ko babban famasi mai rajista, ku karɓi rasit, ku duba cewa lambar rukuni da ranar lalacewa da ke kan kwali su ne a kan kwalba. Ku tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya ko akwai tallafi, neman taimako ba abin kunya ba ne. Tunda tana kan bankomaisin, gwajin ƙoda da ake turo ku kusan kullum ba almubazzaranci ba ne, da shi ake daidaita awonta. In kuma tana shan maganin farfaɗiya mai suna balfurowet, ku faɗa yau, merofenem tana karya ƙarfinsa a jini.

*"Bayan kwana uku likita ya cire wa mijina bankomaisin, ya kuma sauya merofenem da wata mai sauƙin kuɗi. Ko don ya ga ba mu da hali ne?" Daga Maraɗi.*

Ba haka ba ne, Hajiya, wannan ma albishir ne. Da farko ba a san ƙwayar ba, shi ya sa aka faɗaɗa. Yanzu lab ya faɗi sunanta da magungunan da take ji, sai aka koma kan wanda ya ishe ta. Ci gaba da manyan ba ya ƙara masa lafiya, sai dai gudawa mai tsanani, wahalar ƙoda, da ƙwayoyin da nan gaba ba za su ji komai ba. Abin da za ki lura da shi: zazzaɓi yana sauka, ana rage masa oksijin, kakin yana raguwa. Kada hoton ƙirji ya tsorata ki, yakan ɗauki makonni kafin ya washe ko da mutum ya warke.

*"Tari da zazzaɓi sun kama ni kwana biyu. Kuɗi ba matsala ba ne, ina so nas ta zo gida ta yi mini merofenem in huta." Daga Abuja.*

Alhaji, ba za ta ƙara maka komai ba. Idan nimoniyar gida ce amoksisilin ta wadatar a mafi yawan lokuta, idan ƙwayar cutar da ake kira Maikofilasma ce merofenem ba ta san da zamanta ba, sai azitiromaisin ko dokisaikilin, idan kuma mura ce babu antibayotik ɗin da zai taɓa ta. Je a saurari ƙirjinka, a auna oksijin ɗinka, a duba maleriya. In tarin ya kai mako biyu, a gwada kakinka don tarin fuka.