Kwafin Yarjejeniya: Abin da Mai Bugawa Zai Rubuta da Abin da Ba Zai Taɓa Ba

Tambaya: Lauya, sana'ata buga takardu a kwamfuta. Wani ya kawo mini hoton yarjejeniyar sayar da kaya mai shafi 6 da aka yi wa sikanin, yana so in buga masa ita sabuwa. Lambobin sassan sun tsallake daga 7 zuwa 9, a sashe na 5.2 an soke “kwana 30” da biro an rubuta 45 a sama, hatimi kuma ya rufe wata kalma a shafin ƙarshe. Ya ce in daidaita lambobin, in kuma yanko hoton sa hannun in manna a ƙasa don takardar ta yi kyau. Mene ne matsayina idan na yi haka?

Amsa: Malam, takardar da za ka buga ba ita ce yarjejeniyar ba, kuma kyan bugu ba zai mayar da ita yarjejeniyar ba. Yarjejeniya ita ce wadda ɓangarorin suka sa wa hannu, hoton da ke hannunka kwafinta ne, abin da za ka buga kuwa kwafin kwafi ne. Idan rigima ta kai kotu, asalin takardar za a fara nema, ba a kuma karɓar kwafi sai bisa sharuɗɗan da dokar shaida ta wurin ta gindaya. Saboda haka darajar aikinka tana cikin abu ɗaya, wato duk wanda ya ɗora bugunka kusa da asali ya ga ba ka ƙara ba, ba ka rage ba.

Lambobin sassa ba ado ba ne, domin sassan yarjejeniya suna kiran juna da lamba. A ɗauka sashe na 12 ya ce wanda ya saɓa sashe na 9.2 zai biya diyya. Idan ka mayar da 9 ya zama 8 don cike giɓin, kowane sashe na ƙasa zai ja baya da ɗaya, sai “9.2” ya koma nuni ga abin da a asali yake 10.2, ka ɗora diyya a kan alkawarin da ba wanda ya amince a ɗora masa ita. Ka bar 7 ya bi da 9 yadda suke, ka sa bayani a tsakaninsu. Kafin nan ka duba lambobin shafuka da jimlar da ta rufe kowane shafi, ka ga ko ta haɗu da wadda ta buɗe na gaba, domin sau da yawa sashen bai ɓace daga yarjejeniyar ba, mai sikanin ne ya tsallake shafi ko bayan takarda. Ka kuma kashe tsarin da ke jera lambobi da kansa a Word, ka buga kowace lamba da hannunka, tunda wannan tsarin shi ne zai cike giɓin ba tare da ya tambaye ka ba.

Ƙa'idar yi wa kwafi alama ita ce duk abin da ya fito daga bakinka, ba daga takardar ba, ya shiga cikin baka mai kusurwa, kuma a harshen da aka rubuta yarjejeniyar. Ga yadda zai kasance:

```
7. ...
[Babu sashe na 8 a kwafin da aka ba ni]
9. ...
5.2 ... cikin kwana [30 an soke; 45 da rubutun hannu a sama]
[Gajeren sa hannu ɗaya a gefen dama, daidai sashe na 5.2]
[Sa hannu, a kan layin Mai Saya]
[Hatimi zagaye, ya hau kan layin; kalma ɗaya ba ta karantuwa]
```

Gyaran da ke sashe na 5.2 shi ne wurin da ya fi bukatar natsuwa. Gajeren sa hannu, wato harufan farko na suna da ake sawa a gefen gyara ko a ƙasan kowane shafi, aikinsa shi ne nuna cewa mai shi ya ga wannan gyara ko wannan shafi ya kuma yarda da shi. Kotuna da yawa suna fifita rubutun hannu a kan bugagge idan sun ci karo, amma wannan yana aiki ne idan an tabbatar ɓangarorin biyu sun amince da gyaran. Idan gajeren sa hannu ɗaya ne kawai a gefen, to tambayar da shari'a za ta tsaya a kai ita ce ko an yi gyaran kafin a sa hannu ko bayan an sa, da kuma ko ɗaya ɓangaren ya san da shi. Ranar da ka buga “kwana 45” tsaf ba alamar sokewa, ka yanke hukuncin da na alƙali ne, ka kuma shafe shaidar da wani zai kare kansa da ita. Ka nuna tsohon adadi, da sabo, da yawan gajerun sa hannun da ke wurin. Idan shafi na 4 kaɗai ne ba shi da su a ƙasa, wannan ma ka rubuta shi.

Game da sa hannu da hatimi, ka faɗi abin da idonka ya gani, ban da abin da ka zata. Za ka iya cewa akwai sa hannu a kan layin Mai Saya, amma ba za ka ce sa hannun wane ne ba, domin ba a gabanka aka yi ba. Idan layin shaida babu komai a kansa, ka rubuta cewa babu, dangwalen yatsa kuma ka ambace shi da sunansa. Rubutun cikin hatimi da kwanan watansa ka kwafe iya abin da ke karantuwa. Kalmar da ya rufe kada ka cike ta da hasashe ko da ma'anar jimlar ta nuna maka ita, sai dai ka nemi a kawo asali ko a sake sikanin mai launi, wanda yakan raba tawadar hatimi da baƙin rubutu. Kuskuren rubutu na asali ma ka bar shi, ka bi shi da `[sic]`, wato alamar cewa haka yake a asali, haka nan idan adadin kuɗi a lamba ya saɓa da wanda aka rubuta a kalmomi.

Manna hoton sa hannu kuwa ban ba ka shawarar yi ba ko da wasa. Takardar da aka sake bugawa aka ɗora mata sa hannun da aka yanko daga wata tana nuna cewa mutumin ya sa hannu a kan wannan rubutun, alhali bai taɓa ganinsa ba, kuma idan an haɗa da sauya lambobi da share gyara, ta kama hanyar abin da dokokin laifi ke kira ƙirƙirar takardar jabu. Cewa “sa ni aka yi” ba ya wanke wanda ya san abin da yake yi. Mai yiwuwa mai takardar ba shi da wata mugunta, kyau kawai yake nema, amma kai ba ka da iko da hannun da takardar za ta faɗa gobe.

Zaɓin da za ka gabatar masa ya danganta da abin da yake bukata. Idan don karatu da ajiya ne, ka ba shi bugun mai alamomi, ka rubuta a samansa cewa kwafi ne da aka buga daga hoton sikanin mai shafi 6, ka sa kwanan wata, ka haɗa shi da hoton. Kada ka rubuta cewa ka tabbatar da ingancinsa, tunda wannan aikin wanda doka ta ba izini ne, bayan ya ga asali da idonsa. Idan kuma takarda mai tsafta yake so, mai jerarrun lambobi da kwana 45 a cikinta, to hanyar ita ce ka buga ta da layukan sa hannu babu komai a kansu, lauyansa ya daidaita duk inda sashe ya kira wani sashe, ɓangarorin biyu su karanta su sake sa hannu, a kuma rubuta a ciki cewa ta maye gurbin ta farko. Ka ajiye hoton da ya ba ka da saƙon da ya yi maka umarni a ciki, kada ka nuna wa kowa abin da yarjejeniyar ta ƙunsa, idan kuma ya dage sai an manna sa hannun, ka mayar masa da aikinsa.