Amsa ga mai tambaya kan takardar rancen ₦500,000

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani bankin maikurofainans zai ba ni rancen ₦500,000 in ƙara jari, sun ce ruwa 3 cikin 100 ne kacal a wata, biya cikin shekara ɗaya. Ranar Litinin zan sa hannu. Ƙungiyarmu ta gama-kai ma tana ba da rance, amma ba ta kai haka ba. Me ya kamata in duba a takardar?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai, kada ka sa hannu ranar da ka fara ganin takardar. Ka ce su ba ka kwafin ofa leta da jadawalin biya ka tafi da su gida, ka kwana da su. Wanda ya hana ka fita da takardar da zai ɗaure ka da ita shekara guda, ya riga ya gaya maka abin da ke ciki. Maganar halaccin ruwa kuwa ta malamai ce, kuma na san akwai waɗanda za su yi ta a nan. Ni lissafi zan yi maka, don ya taɓa cina.

Ina sayar da atamfa da shadda. Wata shekara, ana saura 'yan watanni ƙaramar Sallah, na karɓi ₦400,000 a wani kamfanin ba da rance, biya cikin wata 8, ruwa 4 cikin 100 a wata. Na yi lissafi a kaina na ce ai wannan ba komai ba ne, ribar dila biyu ta shafe shi. Ranar da alat ya shigo sai na ga ₦342,000. Na koma da sauri ina zaton kuskure ne, ma'aikaciyar ta buɗe min shafi na uku ta ɗora yatsa. An cire ₦2,000 kuɗin fom, ₦4,000 kuɗin kula da rance, ₦8,000 kuɗin tantance takardu, ₦4,000 na inshora, sannan ₦40,000 ajiyar dole wadda ba zan taɓa ba sai na gama biya. Duk suna rubuce, kuma ga sa hannuna a ƙasa. Ba wanda ya yi min ƙarya, ni ne ban karanta ba.

To amma ba wannan ne babban ramin ba. Babban ramin yana cikin kalma ɗaya da ke bayan adadin ruwan, wato "fulat". Idan ruwa fulat ne, kowane wata ana lissafa shi ne a kan asalin kuɗin da aka ba ka, ko da ka biya rabi, ko da saura kaɗan. A nawa, 4 cikin 100 na ₦400,000 shi ne ₦16,000, kuma haka na riƙa biya har watan ƙarshe. Kowane wata ₦66,000, wato ₦50,000 na uwar kuɗi da ₦16,000 na ruwa. A wata na takwas ₦50,000 kawai suke bina, amma ruwan ₦400,000 na biya. Jimillar ruwa ₦128,000.

Ɗaya hanyar ita ce a lissafa ruwa a kan abin da ya rage kawai. Da haka aka yi min, wata na farko ₦16,000, na biyu ₦14,000, na uku ₦12,000, yana sauka har ₦2,000 a ƙarshe, jimilla ₦72,000. Ka ga duka biyun sunansu "4 cikin 100", amma tsakaninsu akwai ₦56,000. Daga baya wani ƙanena da ya karanta akanta ya zauna ya haɗa komai, da kuɗin da aka cire tun farko da ajiyar da aka riƙe, ya ce min a kan kuɗin da na juya da hannuna na biya wajen 9 cikin 100 ne a wata. Ajiyar dolen nan ta fi ba ni haushi: kuɗinsu ne suka riƙe a wajensu, ni kuma ina biyan ruwa a kansa.

Naka kuma ga yadda zai kasance. Idan fulat ne, ₦15,000 sau 12, ruwa ₦180,000 ke nan. Idan a kan ragowa ne, kana rage uwar kuɗi daidai wa daida kowane wata, ₦97,500 ne. Saboda haka tambayarka ta farko ranar Litinin ita ce wanne ne cikin biyun. Ba ka ma buƙatar Turanci mai yawa kafin ka gane: duba jadawalin biya, layin ruwa. In adadi ɗaya ne daga sama har ƙasa, fulat ne. Sannan ka sa ma'aikacin ya rubuta maka abu biyu da hannunsa, nawa ne zai shigo asusunka bayan an cire komai, nawa ne kuma jimillar abin da zai fita daga aljihunka. Bambancin wannan da wancan, bayan ka cire ajiyar da za a dawo maka, shi ne farashin rancen. Da shi za ka auna ribar kasuwarka.

Sai tarar makara. Kowa yakan tsallake ta don yana ganin shi ba zai makara ba, ni ma haka na ce. A wata na uku wani da nake ba kaya bashi ya riƙe min kuɗi, na makara kwana 10. Takardata ta ce 1 cikin 100 a kullum. A kullum fa. A kan ₦66,000 ɗin da ya kamata in biya, ₦660 ke nan kowace rana, kwana 10 ya zama ₦6,600. Kuma ashe na ma yi sa'a, domin akwai takardun da ke ɗora tarar a kan duk bashin da ya rage. Lokacin ₦396,000 suka rage min, da tarar ta zama ₦39,600. Don haka ka nemi amsar abu uku a wannan sakin layi: tarar ta kwana ce ko ta wata, a kan me ake lissafa ta, kuma akwai kwanakin sassauci kafin ta fara ko babu.

Akwai wata dabara a nan da ban gane ba sai da ta same ni. Da na kai ₦66,000 ɗin, na ɗauka na biya watan, tara ce kawai ta rage. Ashe takardar ta ce duk kuɗin da ya shigo za a fara cire tara, sannan ruwa, sannan uwar kuɗi. Sai suka cire ₦6,600 tukuna, kuɗin watan ya zama bai cika ba, giɓin kuma ya ci gaba da haihuwar sabuwar tara ina zaune a shago ban sani ba. Sai wata mai zuwa na gani. In ka taɓa makara, ka tambayi cikakken abin da ake binka a ranar, ka biya har da tarar, ka karɓi rasit.

Ka kuma binciki su wane ne masu ba ka kuɗin. Ƙa'idar caji ta Babban Bankin Najeriya, wato CBN, wadda ta fara aiki a Janairun 2020 ta iyakance tarar makara a 1 cikin 100 a wata na kuɗin da ba a biya ba, kuɗin kula da rance kuma kada ya wuce 1 cikin 100. Wannan ta hau kan masu lasisin CBN ne. Ni nawa, da na je da ƙorafi, sai na tarar ba banki ba ne sam, kamfanin ba da rance ne da ya yi ado irin na banki. CBN na da jerin bankunan maikurofainans masu lasisi a shafinsa, ka duba sunansu. In suna ciki kuma suka cire abin da ya saɓa, ka rubuta musu ƙorafi a takarda ka riƙe kwafi, idan kwana 30 suka wuce ba su warware ba ka kai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN.

Yanzu biya kafin wa'adi, wanda shi ya fi ƙona min rai. Kasuwar Sallah ta yi kyau, bayan na biya wata huɗu na ɗauki ₦200,000 na tafi in rufe bashin in huta, tunda rabin uwar kuɗi ke nan. Manaja ya danna kwamfuta ya ce ₦264,000. Na ce na me? Ya ce ruwan wata huɗun da suka rage. Na ce ai ba zan riƙe kuɗinku a watannin nan ba. Ya ce yarjejeniya ta ce ruwan wata 8 ya hau kaina tun ranar da na karɓa. Na dawo da kuɗina na ci gaba da juya su, ina biya wata-wata, domin biya da wuri a irin wannan tsari kyauta ce kawai ka yi musu.

Masu ba da rance sun kasu a wannan. Wasu sukan yafe ruwan watannin da suka rage gaba ɗaya, wasu sukan yafe amma su caji wani kaso na ragowar, wasu kuma irin nawa ba sa yafe ko sisi. Idan takarda ta yi shiru a kai, kada ka ɗauka alheri ne, ranar da ka zo manaja ne zai fassara shirun. Ka ce masa: idan na zo bayan biyan wata na shida zan rufe, nawa zan kawo? A fulat ɗinka amsar tana tsakanin ₦250,000 da ₦340,000, ka ga ba ƙaramin fili ba ne. Abin da ya faɗa, a sa shi cikin takardar. Maganar baki ta ma'aikaci ba ta da amfani, watanni kaɗan za ka tarar an canza shi. Ko a bankunan da ba sa ruwa ka yi wannan tambayar, domin a murabaha, inda banki ke sayo kaya ya sayar maka bashi da riba, farashin kaya da riba an yanke su tun farko, ragi kuwa in ka biya da wuri yawanci ganin damar banki ne.

Ta ƙungiyarku kuma, kada sabo ya sa ka ƙi dubawa. Takardar rancen ƙungiya sau da yawa shafi ɗaya ce, sauran sharuɗɗan suna cikin kundin dokokinta, don haka ka nemi kundin wajen sakatare. Ƙungiyar da nake ciki yanzu tana cire nata tun farko: ka nemi ₦200,000 a ba ka ₦180,000, ka biya ₦200,000. Ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma in ka biya da wuri ba a dawo maka da komai daga ₦20,000 ɗin, kuma in ka gaza, ajiyarka da ta waɗanda suka tsaya maka ake kamawa.

Maganar masu tsayawa ta tuna min. Duba ko takardar bankin ta ba su damar bin garanto kai tsaye tun kafin su gama da kai, da kuma ko akwai izinin cire kuɗi daga sauran asusunka da ke haɗe da BVN ɗinka, abin da ake kira GSI. Kada ka sa hannu a shafin da aka bar gurbin adadi ko na kwanan wata fayau, kuma kada ka bar cek da ba a rubuta kuɗi a kansa ba. Garanto ɗinka ma ka karanta masa shafinsa kafin ya sa hannu, musamman in ɗan'uwa ne ko maƙwabcin shago.

In ka karɓo jadawalin, rufe sunanka da lambar asusu ka turo hotonsa, mu lissafa tare kafin Litinin.