Sun yanka mana haraji da ƙiyasi, da me za mu musa?

"Oga, masu haraji sun aiko takarda, sun lissafa motocinmu kamar kullum suna kan hanya cike da fasinja. Da me za mu musa?"

Da takarda mana, yaro, su ba sa jin rantsuwa. Lissafinsu ai a fili yake, motocin da ke da rajista da sunanka, sau kujeru, sau sawu, sau kwanaki. Fara duba ranar ƙarshe ta kai ƙorafi da ke jikin takardar, ka kai shi a rubuce kafin ta wuce, su buga maka hatimi a kwafinka. Yadda ake rubuta wasiƙa kuma ba ni zan koya maka ba.

Littafin lodi shi kaɗai ba ya isa, za su ce jiya da daddare ka zauna ka cika shi. Rasit ɗin mai ne ke tsaya masa. Ɗauki mota mai cin lita 1 a kilomita 8, hanyarta zuwa da dawowa kilomita 400, ka ga kowane sawu lita 50 ke nan. In rasit ɗin wata ya nuna lita 600 to sawu 12 ta yi, ba 26 da suka ɗora mata ba. Za su ce ai sauran man a galan ka saya bakin hanya, sai ka nuna musu mitar mota ta farkon wata da ta ƙarshensa, in ta ƙaru da wajen kilomita 4,800 magana ta ƙare. Kwanakin da ta yi a gareji ka karɓo takardar bakanike, kuɗin da ya shiga banki ma ya dace da sawun. Ku yaran yanzu da direba zai turo hoton rasit a waya ku goge don waya ta cika, Allah ya shirye ku.

Amma tun kafin nan ƙirga motocin da suka sa maka. Ni nan aka cuce ni. Wani ya sayi bas a hannuna biya kaɗan-kaɗan, ya gama biya, na ba shi takardu da alkawarin zai je a sauya suna, ashe bai je ba, yana ta lodi yana cin kuɗinsa motar na kan sunana. Takarda ta zo da ita cikin motocina. Na neme shi ya zo ya shaida ya daina ɗaga waya, na je har gidansa aka ce ya yi tafiya alhali ga takalminsa a bakin ƙofa. Sauran motocin rasit ya fitar da ni an rage, wannan kuwa aka ce rajista suka sani, haka na biya harajin motar da ko sitiyarinta ban ƙara taɓawa ba, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Duk wadda muka sayar ko ta mutu, nemo takardar cinikinta da ta sauya suna ka sa a saman fayil ɗin.