Mu biyu ne kawai, kwana nawa bidiyon minti 10 zai ci mana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da ƙawata muna aikin sa-kai a wata ƙungiyar matasa a Tawa. An ce mu yi bidiyon minti 10 a kan masu lambun albasa. Waya ɗaya gare mu da ƙaramin makirfo, kuma Asabar da Lahadi kaɗai muke da sarari. Ta ina za mu fara tsara aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ku fara da lissafi kafin ku taɓa kalanda. A bidiyo irin wannan, muryar mai lambu za ta iya ɗaukar kusan dukan lokacin, amma mai kallo ba zai jure kallon fuskarsa fiye da minti 3 a jimla ba. Saura minti 7 kenan, wato daƙiƙa 420, da za a rufe da hotunan aiki, wato gajerun bidiyon abin da manoman ke yi. In kowane hoto zai zauna daƙiƙa 5, kuna bukatar 84. Wasu za su girgiza, wasu haske zai ɓata su, don haka ku sa ran ɗaukar kamar 120. Mutum biyu da ba su saba ba, in sun samu hoto 10 masu kyau a awa sun yi ƙoƙari. Awa 12 kenan.

Awa 12 ɗin nan ba kwana ɗaya da rabi ba ne. A Tawa hasken da ke da amfani yana safiya zuwa wajen ƙarfe 10, sai kuma bayan la'asar. Da tsakar rana inuwa tana cika ramin ido, waya ta yi zafi har ta tsayar da ɗauka da kanta, musamman a Afrilu da Mayu. Kuna da awa 4 zuwa 5 a wuni, wato kwana 3 na hotunan aiki, da kwana ɗaya na hira.

Hirar ce za ta zo farko, kuma a nan na fi tsanantawa. Asabar ta farko ku yi hira da mutum biyu ko uku, ranar Lahadi ku zauna ku saurara, ku rubuta maganganun da za ku ɗauka. Daga bakinsu jerin hotunanku zai fito. In mai lambu ya ce albasa na ruɓe masa a rumbu kafin farashi ya tashi, kun san dole a ɗauko rumbun daga nesa, a ɗauko shi yana shiga, a ɗauko hannunsa yana ware ruɓaɓɓiya. Wanda ya ɗauki hotuna kafin hira yakan dawo da ɗimbin hoton ganye kore, ba shi da ko ɗaya na abin da aka faɗa.

Jerin kansa takarda ce mai layi, kowane layi hoto ɗaya: lamba, wuri, abin da za a gani, daga nesa ne ko kusa, sautin da ake so, sai alamar "dole" ko "in da hali". Misali, lamba 14, lambu, ruwa na shiga fangali, kusa, ƙarar ruwa, dole. Kowane aiki ku ba shi hoto uku, na nesa, na tsakiya da na kusa, kuma ku riƙe wayar a kwance daƙiƙa 10 ba motsi ko da 5 za ku yi amfani da su. Bayan kun rubuta shi bisa tafiyar labari, ku sake jera shi bisa wuri da lokaci. Ban ruwa da safe ake yi, don haka duk hotunan lambu su taru a safiyar Asabar ta biyu, na rumbu da yamma. Na kasuwa su koma Lahadi, ranar da kasuwar Tawa ke ci, bayan kun nemi izinin shugabannin kasuwar tun cikin mako.

Ɗaya ta riƙe waya, ɗaya ta riƙe takarda da sauti, tana soke layin da aka gama. Kada ku yi musanya a tsakiyar wuni. Lokacin hira ku roƙi a kashe injin ban ruwa, ku kauce wa lokacin kiran salla, kuma ku saurari minti na farko da abin kunne nan take. Iskar hunturu a makirfo ba ta gyaruwa a montaji, wato lokacin yanka da haɗa bidiyon.

Asabar ta uku ku kammala sauran, Lahadin ku bar ta fili don abin da bai yiwu ba. In rana ta yi tsakiya ba ku soke rabin layukan "dole" na wunin ba, ku zubar da duk "in da hali". Kowane dare ku kwafe hotunan wuri biyu, ku cika batir tun da wuta.

Montaji kuwa, ga sabon hannu, ku ware awa 3 ga kowane minti da zai fita, kusan awa 30, wato ƙarshen mako biyu cur ko uku. Ku gaya wa ƙungiyarku mako 6, kada ku yarda da 3.