Ɗan uwa ya saka hotunan 'yata a Facebook: me zan rubuta a cire su?

Tambaya: Barista, wani ɗan uwanmu na nesa ya ɗauki 'yata mai shekara 5 hoto a wajen suna, ya saka a Facebook har da sunanta da na makarantarsu. Na roƙe shi ya goge, ya ƙi. Ina so in rubuta wa kamfanin wasiƙa.

Amsa: Malam, kana da hujja mai ƙarfi, amma sai ka shiga ta ƙofar da ta dace.

Kada ka rubuta cewa hotunan mallakarka ne. A dokar haƙƙin mallaka, hoto na wanda ya ɗauka ne, ko da 'yarka ce a ciki. Tunda shi ya ɗauka, ƙorafin da aka gina a kan mallaka watsi za a yi da shi. Hujjarka ita ce sirrin yarinyar. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya kare sirrin kowane ɗan ƙasa, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023, a sashe na 31, ta ce inda ake buƙatar amincewar yaro, iyayensa ko mai riƙonsa ne ke bayar da ita. Dokar ta ɗaga ƙafa ga abin da mutum ya yi don amfanin kansa ko na gidansa, amma da sharaɗin bai keta sirrin wani ba. A ganina, hoton yarinya da sunan makarantarta a shafin da kowa ke gani ya wuce harkar cikin gida, domin ya nuna wa baƙo inda zai same ta.

Kafin komai, ɗauki hoton shafin yadda sunan mai shi da kwanan wata za su fito, ka kwafi adireshin kowane hoto daban. Idan ya ji labari ya toshe ka, ba za ka ƙara ganinsu ba.

Facebook yana da fom na ƙorafin keta sirri, kuma yana karɓar buƙatar iyaye a madadin yaron da bai kai shekara 13 ba. A nan za ka saka wasiƙar. Ta zama gajeriya: kai ne mahaifi, shekarunta 5, ba ka ba da izini ba, an bayyana makarantarta, ka nemi mai shafin ya goge ya ƙi, ga adiresoshin. Rikicin dangi kada ya shigo ciki. Takardar haihuwarta ta kasance a kusa, ko za a nemi shaida.

Idan suka ƙi ko suka yi shiru, ka kai ƙorafi Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, NDPC, ko lauya ya shigar da ƙarar kare haƙƙi a babbar kotu, a nemi umarnin gogewa a kan ɗan uwan.

Sai dai kamfanin abin da ke shafinsa kaɗai zai cire. Kwafin da ke wayar mutumin, ko wanda ya tura wa dangi ta WhatsApp, yana nan. Don haka, yayin da kake jiran amsa, ka sa wani babba da yake jin nauyinsa ya yi masa magana ya goge na wayar ma.