Kamfanin na gaske ne, amma wa ke rubuto maka?

"Wani kamfani daga Birtaniya ya turo min imel yana son kwantena ɗaya na jemammiyar fata, zai biya kwana 60 bayan kaya sun isa. Ta yaya zan tabbatar da su kafin in yi lodi?"

Ɗan'uwa, ka dakata da lodin nan tukuna. Irin wannan ta taɓa samun wani yaro da ya koyi harkar a hannuna, shekararsa ta biyu ke nan da cin gashin kansa.

Da saƙon ya zo masa, bai ko yi barci ba don murna. Amma ya yi hankali, ya shiga shafin Companies House, inda ake rajistar kamfanonin Birtaniya, kuma dubawa kyauta ce. Ya sa sunan, kamfani ya fito: lambar rajista daidai, an rubuta Active, wato rajistarsa tana nan da rai, ya haura shekara goma, yana miƙa lissafinsa duk shekara. Ya zo min da wayar a hannu yana cewa, "Maigida, ai na gaske ne!" Na ce masa kamfanin na gaske ne, to shi mai rubuto maka fa, ɗan gidan ne?

A nan mutane da yawa ke faɗawa. Macuci ba ya wahalar ƙirƙiro kamfani, sunan mai mutunci yake ara, har da tambarinsa da sunan daraktansa, tunda duk suna fili.

Yaron ya koma ya ƙura wa adireshin imel ɗin ido. Na kamfanin yana ƙarewa da .co.uk, na mutumin kuwa .com ne, an kuma ƙara harafi ɗaya a tsakiya. Ya sa ɓangaren da ke bayan alamar @ a lookup.icann.org, shafin da ke nuna ranar da aka yi rajistar irin wannan suna, sai ga shi wata biyu kacal da buɗe shi. Sannan tashar da aka ce a sauke kayan ma ba a Birtaniya take ba, wai "rumbun abokin hulɗarmu". Bai kira lambar da ke ƙasan imel ba, don wannan wayar macucin ce za ta yi ƙara. Ya nemo lambar kamfanin a ainihin shafinsu, ya nemi sashen saye. Matar da ta ɗauka ta ce ba su ba da wannan oda ba.

Ko da binciken ya fita tsaf, ni ban yarda da bashin kwana 60 ga wanda ba ku taɓa ciniki ba. Ka nemi kafin alƙalami, misali kashi 30 cikin ɗari, sauran ya biya idan ya ga kwafin takardar lodin jirgi. Asalinta kuwa ta zauna a hannunka sai bankinka ya ce kuɗi sun shiga, domin mai ita shi ke karɓar kaya a tasha. Hoton rasit ba kuɗi ba ne. In ya ce takardar lamunin banki zai buɗe, wato alƙawarin bankinsa cewa zai biya ka, to ta iso ta hannun bankinka, kada ka karɓi wadda ya liƙo a imel.

Yaron ya rubuta wa mutumin waɗannan sharuɗɗa. Mutumin da a da yake turo saƙo uku a rana, daga ranar bai sake amsawa ba.