Talabijin ta cinye gefen allon kwamfuta: a ina za a gyara?

Tambaya: Malam, na haɗa kwamfutata da talabijin ta HDMI, rabin sandar ƙasa mai agogo ya ɓace. Na rage girman hoton a NVIDIA Control Panel, komai ya fito, amma rubutu ya yi dishi-dishi.

Amsa: Ɗan'uwa, ka tafi neman magani a gidan da ba nan cutar take ba, kuma wannan ɗabi'a tana damuna ƙwarai. Kwamfutarka cikakken hoto take aikawa, fiksel 1920 a faɗi, 1080 a tsaye. Talabijin ɗin ce take ƙara masa girma ta yanke gefuna, abin da ake kira Overscan. Gado ne daga tsofaffin talabijin masu ƙeya, lokacin da ake tura gefen hoto bayan firam don a ɓoye rashin daidaitonsa.

Mu yi lissafi. Idan ta yanke kashi 5 cikin ɗari na tsayi, layi 54 ke nan, 27 a sama, 27 a ƙasa. Sandar Windows 11 fiksel 48 ce idan ba a ƙara girman rubutu ba, ka ga fiye da rabinta ya tafi.

Da ka danna Resize ka ja kusurwoyin ciki, direba, wato manhajar da ke sarrafa katin hoton kwamfuta, ya ƙanƙance hoton ya zagaye shi da baƙi, sannan talabijin ta sake buɗa shi. Don haka fiksel ɗin kwamfuta ba ya faɗawa daidai kan na allo. Bidiyo ba ya nuna ɓarnar sosai, amma siraran layukan haruffa nan take suke dushewa.

Ka cire alamar Enable desktop resizing, ka mayar da 1920x1080, ka ɗauki rimot ka shiga saitin girman hoto. A LG ka nemi Just Scan, a Samsung Screen Fit ko Fit to Screen, a Sony Full Pixel. Ni kullum da rimot nake farawa. Ba na taɓa saitin direba sai talabijin ba ta da wannan zaɓi sam, a nan ne ake haƙuri da dishi-dishin don a ga agogo.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni baƙin layi ne ya zagaye allona ta kowane gefe. Katin AMD nake da shi.

Amsa: Naka akasin na sama ne, Underscan. Direba ya ɗauka talabijin ce za ta yanke gefe, sai ya rage hoton tun daga wurinsa. Ka buɗe manhajar AMD, ka shiga Display, ka mayar da HDMI Scaling zuwa 0%. A tsohon Catalyst Control Center kuwa, Scaling Options ne. Idan ka sauya daga 60Hz zuwa 50Hz layin ya dawo, ka maimaita a can ma.

Tambaya: In sayi kebul mai tsada, gefen zai dawo?

Amsa: Hajiya, ki adana kuɗinki. Kebul ba ya yanke gefen hoto. Idan ya lalace, ƙyalƙyali za ki gani ko hoton ya riƙa ɗaukewa.